Kundin Aikin Fim ɗin Tukunya a Panteka

Asabar, 4 ga Janairu

Magana ta tsaya. Fim ɗin minti takwas ne, a kan masu zubin tukunyar alminiyum a tsohuwar kasuwar Panteka da ke Tudun Wada a Kaduna, nan kusa da Poli. Mu uku ne: ni da kyamara, ƙanina da na'urar sauti, sai mai tace mana hoto wanda aikinsa bai zo ba tukuna. Kyamara ɗaya ce tal, kuma wannan shi zai tsara mana komai.

Mun fara gaida shugabannin 'yan kasuwa, su suka haɗa mu da wani dattijo da kowa a layin yake kira Baba. Yana da yara a rumfarsa, babbansu ya daɗe yana koyo, yana zuba ƙananan tukwane da ludaya, amma ba a taɓa sakar masa babbar tukunya ba. Ana cikin hira Baba ya ce wata Hajiya mai girkin biki daga Unguwar Sanusi ta ba da aikin tukunya mai ƙafa uku, irin ta shinkafar taro, tana so kafin Asabar 18 ga wata. Ya ce yana tunanin ya ba yaron aikin.

Nan labarin yake. "Yadda ake yin tukunya" bayani ne, mutum zai kalli minti biyu ya wuce. Amma yaro da aka danƙa wa babban aiki karon farko, ga ranar biki tana matsowa, ga maigida a tsaye a kansa, wannan tambaya ce da mai kallo zai so jin amsarta: za ta fito lafiya ko ba za ta fito ba? Na tambayi Baba ko saboda mu zai ba shi. Ya ce, "Ɗana, ko kun zo ko ba ku zo ba, lokacinsa ya yi." Haka nake so.

Litinin, 6 ga Janairu

Yau ba a kunna kyamara ba. Littafi da agogon waya kawai na riƙe, na bi aikin wata matsakaiciyar tukunya tun daga farko.

Ana kawo tarkacen daga wajen 'yan gwangwan: gwangwanayen lemo, tsofaffin tukwane, fistin mota, ƙarfen taga. A ware baƙin ƙarfe gefe da maganaɗisu, sauran a zuba a kaskon narki a kan gawayi, yaro yana juya wilin keken da ke hura wutar. Yayin da ake jiran narkewa ake haɗa ƙasa. Samfurin tsohuwar tukunya ce da aka raba gida biyu, domin cikinta ya fi bakinta faɗi, ba ta zaruwa a dunƙule. A cika cikinta da ƙasa mai ɗan danshi a daddanne, a kifa ta, a kewaye ta da akwati mai ɓangarori, a sake cikawa a kirɓa. Ana barbaɗa toka a duk inda ɓangarorin za su rabu don kada su manne. A gindin tukunyar, wanda yanzu shi ne sama, ake kafa bututu don ya bar ramin zubi. Sai a buɗe, a zare samfurin a hankali, a mayar a rufe. Gurbin da ya bari shi ƙarfe zai cika.

Ga abin da agogo ya nuna: haɗa ƙasa ya ci fiye da rabin awa, narkewa ta kusa awa, zubin kansa bai kai daƙiƙa ashirin ba. Abin da fim ɗin ya dogara a kai shi ne mafi gajarta, kuma ba ya maimaituwa. Ba wanda zai ce wa mai riƙe da narkakken ƙarfe ya dakata a gyara kyamara.

Wani abu kuma. Mutane suna zaton za su ga ja-jawur kamar a maƙerar baƙin ƙarfe. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, kuma a hasken rana fari fat yake, yana sheƙi. Jan da yake da shi kaɗan ne, sai a duhu ake lura da shi. Ke nan hoton ƙarfen shi kaɗai ba zai gaya wa mai kallo cewa abin nan yana da haɗari ba. Dole zafin ya fito daga wani wuri: gawayin da ke ci, tsumman da aka naɗe hannu da shi, yadda yara suke ja da baya.

Laraba, 8 ga Janairu

Na zauna na rubuta tsarin a takarda. Kashi uku ne: an ba da aiki, an yi aiki, tukunya ta hau murhu. Na rubuta ƙarshe iri biyu, ɗaya in ta fito lafiya, ɗaya in ta ɓaci, domin kowanne yana buƙatar nasa hotunan kuma ranar zubi ba lokacin tunani.

Mafi yawan yinin ya tafi ne a kan hotunan ratsi, waɗanda 'yan fim ke kira katawe, wato gajerun hotunan da ake sakawa a tsakiyar babban hoto ko hira. Yadda aka saba, sai an gama komai a ce wa mai kyamara ya zagaya ya ɗauko "abubuwa": akuya, hayaƙi, yara suna ɗaga hannu. A teburin tacewa sai a riƙa manna su duk inda aka ga rami. Mai kallo yana ganewa ko bai san sunan abin ba, domin hoton ba ya da alaƙa da maganar da ake yi.

Ni dokar da na kafa ita ce: ba hoton ratsin da zai shiga jeri sai na rubuta a gabansa wurin da zai zauna da aikin da zai yi. Misali, narkewa awa guda ce, a fim daƙiƙa goma sha biyu na ba ta. In na yanke daga kasko cike da gwangwani zuwa kasko cike da ruwan ƙarfe, daga wuri ɗaya, hoton zai yi tsalle. Don haka a tsakani akwai hannu yana juya wili, sai buhun gawayi da ya yi ƙasa, sai inuwar rumfa da ta matsa. Uku ɗin nan aikinsu ɗaya: su ce lokaci ya wuce. Wasu kuma don ɓoye yanka ne a cikin hira. Wasu don shaida: in Baba ya ce yana gane danshin ƙasa da hannu, a ga hannun yana dunƙula ta, yana karya dunƙulen. Akwai guda da na ja wa layi biyu, tulin fasassun tukwane da ke bayan rumfa. In aka nuna shi da wuri, mai kallo ya san aiki yana ɓaci a nan, ba sai an gaya masa ba.

Minti takwas daƙiƙa 480 ne. In kowane hoto ya zauna kamar daƙiƙa biyar, ana maganar hoto kusan ɗari. Kowane ratsi kuwa zan riƙe shi aƙalla daƙiƙa goma ba motsi, ko da biyu za a yi amfani da su, don mai tacewa ya samu kai da gindin da zai yanka.

Juma'a, 10 ga Janairu

Hira. Panteka ba ta yin shiru: guduma, injin gurza ƙarfe, janareto, masu walda. Mun zaɓi lokacin da aka fara rufe rumfuna don tafiya masallaci, muka samu kamar minti ashirin da biyar kafin mu ma mu bi sahu. Ƙanina ya maƙala wa Baba ƙaramin makirfo a ƙirji ta cikin riga. Da aka gama ya sa kowa ya yi tsit na minti ɗaya, ya naɗi sautin wurin shi kaɗai. Da shi za a cike tsakanin kalmomi in an yanka, in ba haka ba kunne yana jin wurin ya mutu ya dawo.

Ban tambayi tarihin sana'a ba. Na ce, "Baba, me kake jin tsoro ranar da yaro zai zuba?" Amsar ta ci minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. A cikinta jimloli huɗu nake so: cewa in ƙasa ta jiƙe da yawa ƙarfe yana tofowa, cewa in ta bushe da yawa tana zubewa cikin gurbin, cewa in ƙarfe ya huce ba ya kaiwa baki, sai ta ƙarshe, "Amma abin da ya fi, kada hannu ya tsaya." Jimla huɗu, yanka uku, ratsi uku. Tun a wurin na rubuta su: hannu da dunƙulen ƙasa, gefen gurbi yana marmashewa, tsohuwar tukunya mai giɓi a baki. Jimlar ƙarshe ba za a rufe ta da komai ba, fuskarsa za a gani.

Yaron bai iya hira a zaune ba, "e" da "a'a" kawai. Na bar shi. Zan yi masa tambaya yana cikin aiki.

Litinin, 13 ga Janairu

Ranar ratsi, da gwajin zubi a kan tukwanen da suka saba yi.

Rumfar tana kallon gabas. Daga bakwai da rabi zuwa wajen goma haske yana shigowa a kwance, hazo ya tausasa shi, ƙura da hayaƙi suna fitowa sarai. Da rana ta ɗaga, ciki ya yi duhu, waje ya yi fari har ya ƙone. Don haka duk hoton da za a jera kusa da zubi dole a ɗauke shi a wannan tsakanin, ko da a wata rana ce. Ina ɗauka a firam 25, wato hoto 25 a kowace daƙiƙa, shata 1/50, da gilashin ND a gaban lens don rage haske. Na kulle launi da hannu, domin in aka bar wa kyamara, duk sanda wuta ta shigo hoto sai ta canja launin rumfar gaba ɗaya. Ba na canja lens a cikin kasuwa, ƙurar hunturu da tokar wurin sun isa su ɓata aiki.

Wurin tsayuwa shi ya fi ɗaukar lokaci. Murhu yana hagu, akwatin zubi yana dama, mai ɗauke da kasko yana tafiya daga hagu zuwa dama. Na ja layi a ƙasa da ƙafa daga murhu zuwa akwati, na ce duk hoton zubi daga wannan gefen za a ɗauke shi. In na tsallaka, a allo sai a ga yaron ya juya yana mayar da kasko kan wuta.

Baba ya kafa nasa sharuɗɗan: kada ƙafar kyamara ta shiga hanyar kasko, kada a shigo da ruwan leda kusa da akwati, kuma ƙanina ya cire silifa ya sa takalmi rufaffe. Ɗigon ruwa in ya shiga ƙarƙashin narkakken ƙarfe tururi yake zama nan take, ya watsa shi. Na tsaya taku huɗu baya na jawo hoton da lens.

Tunda kyamara ɗaya ce, ga rabon. Ranar babbar tukunya zan tsaya a hoto mai faɗi da ya ɗauki yaron, da Baba, da akwati, ba zan motsa ba har a gama. Na kusa-kusa kuwa yau na ɗauke su a kan wasu tukwane: ana kwashe dattin da ke tasowa a saman kasko, bakin kasko yana karkata, ƙarfe yana shiga rami, hayaƙi yana fita ta gefen akwati. Na ƙarfen na ɗauka a firam 50 don a iya rage masa gudu da rabi. Na roƙi yaron ya sa rigar yau ranar Laraba.

Ƙanina ya tambaya, "Yaya, wannan ba ha'inci ba ne?" Mun yi ta a cikin Keke har Kasuwar Barci. Matsayina shi ne: bakin kasko bakin kasko ne, ƙarfen ba ya canja hali daga Litinin zuwa Laraba. Abin da ba zan ara daga wata rana ba shi ne fuskar mutum, da sakamakon aiki. Bai gamsu duka ba.

Laraba, 15 ga Janairu

Babbar tukunya rami biyu ake mata, mutum biyu suke zubawa lokaci guda don ƙarfen ya haɗu tun yana da zafi. Yaron ya haɗa ƙasarsa shi kaɗai, Baba yana zaune a kan benci bai ce uffan ba. A nan na samu maganar da hira ta hana ni. Yana kirɓa ƙasa na ce, "Jiya ka yi barci?" Bai ɗago ba ya ce, "Kaɗan."

Aka ɗora duwatsu a kan akwati don kada ƙarfe ya ɗaga shi. Aka ɗauko kasko biyu. Ana tsakiyar zubi, tsumman hannun yaron ya zame, ya dakata ya gyara riƙo. Daƙiƙa biyu ne, na ƙirga su daga baya a kan allo. Ya ci gaba har rami ya cika.

Na bar kyamara tana tafiya. Bayan 'yan mintuna aka fasa ƙasa. Daga nesa tukunya ce sosai, ƙafafu uku sun fito. Baba ya taso, ya juya ta da ƙarfe, ya nuna wani siririn layi a cikinta ta ɓangaren yaron, a ƙarshensa rami kamar ƙwayar gero. Ƙarfen farko ya fara daskarewa kafin na biyu ya iske shi, sai suka haɗu ba su narke cikin juna ba. Ya ƙwanƙwasa wurin, ƙarar ta fito a dakushe. Ya ce, "Ta Hajiya ce, ba a yi mata toshi. Fasa." Yaron da kansa ya ɗauki guduma.

Takardar ƙarshe na biyu tana aljihuna, don haka ban tsaya tunani ba. Guntaye suna komawa kasko, hannu a kan wili, sauran yara sun sunkuyar da kai, yaron yana sake tankaɗe ƙasa. Baba ya ce sai gobe, gawayi ya ƙare. Ni ma ya yi mini daidai, hasken ya riga ya tafi.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ta fito. A wannan karon ya naɗe tsumman da waya tun kafin a ɗauko kasko, kuma na samu wannan a hoto na kusa. Ban rubuta shi a jeri ba, amma duk wanda ya ga jiya ya san ma'anarsa. Baba ya ƙwanƙwasa, ta yi ƙara garau. Ya ce, "To." Ya koma bencinsa. Sauran aikin yanke ƙarfen ramin zubi ne da goge layin haɗi da magagari, sai aka cika ta da ruwa can nesa da murhu, aka bar ta a ga ko za ta yi gumi.

Asabar, 18 ga Janairu

Unguwar Sanusi. Hajiya ta yarda a ɗauki hannuwa da murhu, ban da fuskar matan da ke aiki. Mun kiyaye. Tun jiya ta sa aka dirje tukunyar aka tafasa ruwa a ciki aka zubar. Yau shinkafa ce. Hoto shida na rubuta, shida muka ɗauka, muka ci abinci muka tafi.

Asabar, 25 ga Janairu

Satin tacewa, a manhajar DaVinci Resolve. Mai tacewa ya fara jera labarin tsirara, hira da manyan hotuna kawai, ba ratsi ko ɗaya. Ya kai minti goma sha ɗaya. A haka muka rage shi zuwa takwas da rabi, sannan aka fara rufe yanka. In aka sa ratsi da wuri, kyawun hoto yana ɓoye cewa labarin ya tsaya.

Zubin farko ya zauna a daƙiƙa arba'in. Ana kwashe datti, na kusa. Ɗaukar kasko, mai faɗi. Bakin kasko, na kusa. Daga nan aka koma mai faɗi. Mai tacewa ya so ya sa ƙarfe mai tafiya a hankali a daidai tsakiya, domin shi ne hoton da ya fi kyau a duk abin da muka ɗauka. Na ce a'a. A nan ne hannu ya tsaya, kuma in aka rufe daƙiƙa biyun nan da hoton ranar Litinin, ramin da Baba zai nuna ya zama ba dalili. Wurin nan ba a yanka shi, tun daga karkata kasko har cikar rami. Kyakkyawan hoton ya koma zubi na biyu, inda mai kallo ya riga ya san abin da ake tsoro.

Jimlar "kada hannu ya tsaya" mun sa ta minti biyu kafin zubi, ba a kansa ba. Mun gwada ɗora muryar a kan hoton, sai ya zama kamar ana nuna yaron da yatsa.

Ratsi biyu sun faɗi. Inuwar rumfa ba wanda ya gane ta, mun nuna wa mutum biyu duka sun zaci hoton banza ne, buhun gawayi ya wadatar. Hoton gefen gurbi yana marmashewa kuwa an ɗauke shi bayan sha ɗaya, launinsa ya bambanta da na hirar, gyara bai kama shi ba. Mun cire jimlar busasshiyar ƙasa gaba ɗaya, yanka ya koma biyu.

Sautin guduma da na wili ƙanina ya naɗe su daban, su ne suka ɗinke hotunan ranaku dabam-dabam. In ƙarar wili ta ci gaba ba yankewa a ƙarƙashin hoto uku, ido yana yarda lokaci ɗaya ne.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mun kai wa Baba da yaransa a kwamfuta, kafin kowa ya gani. Na fi damuwa da yaron, domin kuskurensa ne a tsakiyar fim. Na ce in bai so ba, sai mu sake zama a kai. Ya ce a bari, ai ta biyun tana nan.

Baba kuwa hoton bakin kasko yana fitowa ya ce, "Wannan ba kaskon Laraba ba ne, na Laraba yana da lotsawa a baki." Daƙiƙa biyu da rabi hoton ya yi. Ƙanina ya kalle ni. Na yi wa Baba bayanin kyamara ɗaya, ya ce ya gane, amma duk mai sana'ar da ya kalla zai lura. Mun shirya zan koma ranar Talata da ƙarfe takwas in ɗauki kaskon mai lotsawa yana zuba wata tukunya, daga gefen layin nan da na ja a ƙasa, a maye gurbin. Ya kuma ce a rubuta sunan layinsu a ƙarshe, ba Panteka kawai ba, don masu neman tukunya su san inda za su nufa.

Abin da ya rage bayan Talata: daidaita ƙarar hira da ta kasuwa, rubutun Turanci a ƙasan hoto, da rage daƙiƙa goma sha huɗu. Ina ganin daga wurin goge tukunya za su fito.